Layi biyu a tsinken gwaji, saura sati uku ɗaurin aure

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar gwajin jini ya taimaka min, don tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Ƙanena ne zai yi aure, saura sati uku a ɗaura. Kun san a nan Kano tun 2024 doka ta ce sai an yi gwaji kafin aure. Ya je wani lab a bayan unguwarmu, jininsa AA, ciwon hanta babu, amma na HIV tsinken ya nuna layi biyu. Na biyun bai fito sosai ba, ni ma da ya nuna min hotonsa sai da na ƙura ido. Yaron da ya yi gwajin ya ce masa wai tsinken nan kashi 99 cikin 100 ba ya kuskure, ya rubuta masa fozitib ya miƙa masa takarda, shi ke nan. Tun ranar yana kwance a ɗakinsa, ko shago bai buɗe ba, ya ce in je in gaya wa iyayen yarinya a fasa. Tambayata ita ce, wannan 99 ɗin yana nufin kashi 99 yana da cutar ke nan? Saura kashi 1 kawai muke fata a kai?

Alhaji Ɗanladi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baban Walid sai haƙuri. In an ce 99 ai magana ta ƙare, sai dai a rungumi ƙaddara a fara shan magani, yanzu ana rayuwa da ita lafiya lau. Amma kada ku ɓoye wa mutanen nan, amana ce.

Anti Hadiza: Wa'alaikumus salam. Alhaji a gafarce ni, magana ba ta ƙare ba, ko farawa ma ba a yi ba. Baban Walid, kafin komai: tsinke nawa aka yi masa? Ɗaya ne, ko da ya nuna an sake da wani iri daban?

Baban Walid: Ɗaya ne Anti. Sau ɗaya aka soke shi a yatsa.

Anti Hadiza: To wanda ya rubuta masa fozitib ya yi ganganci. Shekarata goma sha huɗu a lab, kuma ba a ba mutum wannan sakamakon da tsinke ɗaya. Abin da ake cewa a wannan matakin shi ne riyaktib, wato tsinke ya motsa, a ci gaba da bincike. Kada ka je gidan kowa tukuna. Ka tashe shi ya ci abinci.

Shi kuma 99 ɗin da aka gaya masa gaskiya ne, amma amsar wata tambaya ce daban. Ma'anarsa, in ka tara mutum 100 da aka riga aka tabbatar suna da cutar ka gwada su, tsinken zai kama 99. Shi muke kira sansitibiti. Ka lura, an fara ne daga mutanen da aka san suna da ita. Kai kuma tambayarka daga ɗaya gefen ta taso: cikin mutum 100 da tsinke ya nuna musu layi biyu, nawa ne masu ita da gaske? Waɗannan tambayoyin biyu kamarsu ɗaya a kunne, amma amsoshinsu na iya yin nisa kamar Kano da Legas.

Alhaji Ɗanladi: Hajiya ni fa ban ga bambancin ba. Kama mai cuta ai kama mai cuta ne.

Anti Hadiza: Alhaji, a ce kana da karen gadi. Duk ɓarawon da ya hauro katanga sai ya yi haushi, ba ya kuskure. Amma wani lokaci akuyar maƙwabta in ta gifta ma yakan yi. To daren jiya ka ji haushi. Ɓarawo ne? Ya danganta da unguwar da kake. In unguwa ce da ake haurawa kowane dare, ɗauki sanda. In unguwa ce da ake shekara ba a ga ɓarawo ba amma awaki na kwana a titi, yawancin haushin na akuya ne, ko da kuwa karen bai taɓa barin ɓarawo ya wuce ba. Kare ɗaya ne, unguwa ce ta bambanta.

Shi ya sa kowane gwaji yake da lamba ta biyu wadda yaron can bai faɗa ba: cikin masu lafiya 100, nawa yake wankewa? Ita ce sifesifisiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da tsinken HIV sai yana kama aƙalla 99 cikin masu cutar 100, yana kuma wanke aƙalla 98 cikin masu lafiya 100. Wato an yarda a mafi ƙarancin mataki mutum 2 cikin masu lafiya 100 su ga layi biyu alhali ba su da komai.

Malam Sani: Anti bari in shigo, don nan fagena ne, lissafi nake koyarwa a sakandare. Ba ni yawan masu cutar a yankinmu kawai.

Anti Hadiza: Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya samu kashi 1.4 cikin 100 a Najeriya baki ɗaya tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Arewa maso yamma ita ce mafi ƙaranci, 0.6. Bismillah Malam.

Malam Sani: Madalla. Mu tara angwaye da amare 10,000 a filin Idi. Kashi 0.6 na nufin 60 ne ke da cutar, 9,940 lafiyarsu ƙalau. A gwada kowa da tsinke ɗaya. Cikin 60 ɗin nan zai kama 59, ɗaya ya kuɓuce. Cikin 9,940 kuma zai yi wa kashi 2 ƙazafi, wato mutum 199. Yanzu a ce duk wanda ya ga layi biyu ya koma ƙarƙashin bishiya. Mutum nawa ke nan? 59 da 199, 258. Masu cutar gaske a cikinsu 59 ne kacal.

59 ÷ 258 = 0.23

Kashi 23 cikin 100. Wato a kowane mutum huɗu da ke ƙarƙashin bishiyar nan, uku ba su da komai. Baban Walid je ka gaya wa ƙanenka kashi 77 lafiyarsa lau, ya tashi ya buɗe shago!

Baban Walid: Allahu Akbar. Malam da gaske? Na karanta sau uku. Daga kashi 1 zuwa kashi 77?

Maman Ihsan: Wallahi irin wannan ta faru da ni a cikina na biyu. Na je awo aka ɗebi jini, sai na ga nas ɗin ta kira wata suna ƙus-ƙus suna kallona. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki aka ce tsinke ya nuna. Ina riƙe da katin awo hannuna na rawa har katin ya jiƙe da gumi. Abin da ya fara zuwa raina ba ma mutuwa ba ne, yadda zan kalli Baban Ihsan ne, ni zan tuhume shi ko shi zai tuhume ni. Allah Ya saka wa matar nan da alheri, ba ta bar ni na fita ba, nan take ta sake sokata ta yi wani iri daban, babu komai, ta yi na uku, babu komai. Aka ce in dawo bayan sati biyu, na dawo, babu. Yaron yanzu yana aji uku. Da irin lab ɗin ƙanenka na faɗa, da ban san inda aurena yake yau ba.

Anti Hadiza: Maman Ihsan kin yi dace da ma'aikaciya ta gari. Malam Sani lissafinka daidai ne, wannan 23 ɗin ita ce ake kira ƙimar hasashen fozitib, kuma ita ce amsar tambayar Baban Walid. Amma "je ka gaya masa 77" ɗin nan ka yi saurin yanka, ban yarda a kai masa lamba ɗaya kamar an auna a sikeli ba. Ka yi aiki da 98, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi. Tsinke da yawa sun fi haka kyau in an adana su daidai. Sake lissafin da 99.5 mu gani.

Malam Sani: Rabin kashi ɗaya na 9,940, kusan 50. To 59 da 50, 109. Masu ita 59 cikin 109, kashi 54. Kai! Ɗan wannan canjin ya ɗaga shi daga 23 zuwa 54?

Anti Hadiza: Ka gani ko. A wurin da cuta ta yi ƙaranci, lambar wanke masu lafiya ce ke riƙe da wuƙa da nama, saboda masu lafiyar ne suka cika filin. Ɗan kuskure kaɗan a kan taro mai yawa ya fi dukkan masu cutar yawa. Shi kuwa 99 ɗin da ake ta tutiya da shi, ko ka mai da shi 100 cif, mutum ɗaya kawai ka ƙara a ƙarƙashin bishiyar. Don haka abin da zan iya cewa da gaskiya: tsakanin ɗaya cikin huɗu da rabi-da-rabi. Ba 99 ba ne, ba kuma sifili ba.

Musa Jalingo: Ni dai ina karantawa ina girgiza kai. Ina aiki a sashen masu tarin fuka a nan Taraba, kullum muna gwada HIV, kuma da wuya ka ga tsinken farko ya nuna na biyu ya ƙaryata shi. A wata guda bai fi mu ga ɗaya ko biyu ba. Wannan uku cikin huɗu na Malam a allo yake, ba a asibiti ba. Kada mu ba bawan Allah fatan da zai zo ya karye.

Anti Hadiza: Musa, abin da kake gani gaskiya ne, kuma shi ne ma hujjar maganar. Su waye ke zuwa wurinka? Masu tari na wata da watanni, sun rame, wasu an riga an yi zargi kafin a turo su. Kuma Taraba na cikin jihohin da binciken 2018 ya samu cutar ta fi yawa. Unguwar ɓarayi kake gadi. A ce a layinka 20 cikin 100 ne ke da ita, misali kawai nake bayarwa. Cikin 10,000, masu ita 2,000, tsinke ya kama 1,980. Masu lafiya 8,000, ya yi wa 160 ƙazafi. Wato cikin duk layi biyu 100 da ka gani, kusan 93 na gaske ne. Tsinke ɗaya da na Kano, kwali ɗaya ma in ka so. Kai ka saba ganin 93, mai gwada angwaye a Kano ko Katsina yana ganin abin da bai kai haka ba ko kusa, kuma kowannenku ya rantse abin da ya gani ne gaskiya.

Musa Jalingo: Na karɓi wannan. Amma ga inda ban sauka ba. Ku kuna lissafi da 0.6 kamar yaron nan shi ne matsakaicin mutumin arewa maso yamma. Wa ya san shi? Da izininka Baban Walid, ba zargi nake ba. Amma in mutum ya san inda ya taka, ko an taɓa ƙara masa jinin da ba a tantance ba, ko yana allurar maye da sirinji ɗaya da abokai, shi ba ɗan filin Idin Malam Sani ba ne, ɗan layina ne ko da a Fagge yake kwana.

Anti Hadiza: Nan kam ka fi ni gaskiya. Adadin jiha mafari ne kawai, ga wanda ba mu san komai a kansa ba. Abin da aka sani game da mutum yana matsar da shi sama ko ƙasa. Shi ya sa ake zama da mutum a keɓe a yi masa tambayoyi kafin a soke shi, ba don gulma ba.

Baban Walid: Musa ban ji haushi ba. Ni dai a sanina yaro ne natsattse, daga shago sai masallaci sai kallon ƙwallo. Amma ka san ba a shaidar ɗan yau, kuma ba zai gaya min komai ba, ni yayansa ne, kunyata yake ji.

Musa Jalingo: Ba kai zai gaya wa ba Yaya, kada ma ka tambaye shi. Ka kai shi ka tsaya a waje.

Alhaji Ɗanladi: To ni yanzu kun ƙara rikita ni. In dai abu zai yi ƙarya sau uku cikin huɗu, me ya sa gwamnati za ta tilasta wa mutane? Da can muna aurar da 'ya'yanmu ba tsinke ba allura. Wannan ai raba aure ne kawai da kunna wuta tsakanin dangi. A soke shi mana.

Malam Sani: Alhaji ranka ya daɗe, ba sau uku cikin huɗu yake ƙarya ba. Koma filin. Mutum 10,000 aka gwada, ya yi kuskure a kan 200, ya faɗi daidai a kan 9,800. Uku cikin huɗun nan a cikin 'yan ƙarƙashin bishiya ne kawai. Kuma dubi waɗanda aka sallama: 9,742 aka ce su tafi babu komai, mutum ɗaya tak a cikinsu ke da ita. Wato in ya ce babu, ka kama da hannu biyu.

Anti Hadiza: Haka ne, kuma da gangan aka ƙera shi haka, Alhaji. Tsinken farko aikinsa tankaɗe ne, an gwammace ya tare mai lafiya a sake duba shi da ya saki mai cutar ya kai wa 'yar mutane. Ya rage mana taro daga 10,000 zuwa 258, a nan aikinsa ya ƙare. Laifin ba na tsinke ba ne, na wanda ya tsaya a nan ya ɗauki biro ne. Abin da ni zan so a tilasta shi ne duk wurin da ba shi da tsinke na biyu da na uku a hana shi rubuta sakamakon aure.

Sai dai "in ya ce babu ka kama da hannu biyu" ma yana da iyaka. Yawancin tsinken nan ba ƙwayar cutar suke gani ba, sojojin da jiki ya haɗa don yaƙarta suke gani, kuma jiki na iya ɗaukar daga sati uku har zuwa wata uku kafin su isa a gan su. Wanda ya ɗauka satin jiya zai fito nagetib, tsinke bai yi laifi ba.

Garba Mai Taya: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni ma bara da zan ba da jini aka ce ina da ciwon hanta nau'in B. Ashe ke nan ni ma kashi 77 ƙarya ne? Don dama ban koma ba, kuma lafiyata ƙalau ina cin tuwona.

Anti Hadiza: A'a Malam Garba, kada ka ari rigar wani. 77 ɗin can an ɗinka ta ne da adadin HIV na yankinmu. Ciwon hanta nau'in B ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, wancan binciken na 2018 ya samu kusan 8 cikin 100 na manya a Najeriya. Ko da mun ɗauka ingancin tsinken iri ɗaya ne, cikin 10,000 masu shi 800 ne, a kama 792, a yi wa 184 ƙazafi. Wato kusan huɗu cikin biyar na gaske ne. Lissafin ya juye maka. Kuma jin lafiya ba hujja ba ce, wannan ciwon yakan yi shekaru shiru yana cin hanta. Don Allah ka je babban asibiti a sake maka, a duba matarka da yara, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi.

Garba Mai Taya: Tabɗi. Na shigo neman sauƙi na fita da aiki. To Anti, in sha Allahu ranar Litinin.

Malam Sani: Mu koma kan ango. In aka ɗauki 258 ɗin nan aka yi musu tsinke na biyu, yanzu fa unguwar ta canza, don kusan kashi 23 ke da ita ba 0.6 ba. Masu ita 59 kusan duka za su sake nunawa. Cikin 199 kuma kashi 2 ne za a sake yi wa ƙazafi, mutum 4. Ya zama 59 cikin 63, kashi 94. A yi na uku, 4 ɗin nan ma su zube, a haura 99. Kai lissafi daɗi! Har ma in babu wani iri, a maimaita irin na farkon sau uku mana, ai duk ɗaya ne.

Anti Hadiza: Farkon maganarka daidai, shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe su koma sai tsinke uku daban-daban sun nuna a jere kafin a ce wa mutum yana da ita. Kafin nan inda cutar ta kai 5 cikin 100 biyu sun isa, to da adadin ya yi ta sauka sai biyu suka daina isa. Amma ƙarshen maganarka, Malam, a nan allo ya yaudare ka. Ka ɗauka kuskuren tsinke kamar jefa kwabo ne, kowane jifa ba ruwansa da na baya. Ba haka jini yake ba. Sau da yawa akwai dalilin da ya sa ya nuna: wani abu a jinin mutumin, sojojin da jikinsa ya haɗa saboda wata cuta daban, suna kama da waɗanda tsinken ke nema. In ka maimaita iri ɗaya, abin nan yana nan, zai sake nunawa, ka ce ka tabbatar alhali shaida ɗaya ka kira sau uku. Dole a canza iri, kuma ko an canza wani lokacin sukan yi tarayya a kuskure. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun taɓa bin diddigin wannan a Bukavu ta gabashin Kwango, suka samu kusan ɗaya cikin goma na waɗanda tsinke biyu suka nuna musu ba su da cutar, kuma yawancin kuskuren a masu layi dishi-dishi yake.

Baban Walid: Anti nasa ma dishi-dishi ne! Wannan alama ce mai kyau ke nan?

Anti Hadiza: Kada ka rataya zuciyarka a nan. A ƙa'ida duk layin da ido ya gani, komai dusashewarsa, riyaktib ne, kuma na sha ganin layi siriri ya tabbata. Abin da zan ce kawai, yana ƙara dalilin a sake. Akwai kuma abubuwan da ba na jini ba. Tsinken da ya kwana a shago mai kwanon rufi a zafin watan Afrilu, bayan an rubuta a kwalinsa kada ya wuce digiri 30. Wanda wa'adinsa ya ƙare. Ko wanda aka bari a kan tebur aka tafi sallah da cin abinci aka dawo aka karanta bayan lokacinsa ya wuce, don kowane iri da mintocinsa. Ka tambaye shi minti nawa aka yi kafin a duba, da kuma yaushe ya ɗauki hoton nan.

Gobe ka kai shi babban asibitin gwamnati, sashen gwaji da ba da shawara, kyauta ne. Kada ya nuna musu takardar can sai an gama. A tsarin da muka daɗe muna bi a Najeriya ana farawa da tsinke mai suna Determine, in ya nuna a yi Uni-Gold, in suka saɓa Stat-Pak ya raba gardama.

Baban Walid: Na tambaye shi. Ya ce an ce ya je ya dawo, ya tafi ya yi aski ya dawo, ya fi awa ɗaya. Gobe da sassafe in sha Allahu.

Maman Ihsan: Allah Ya sa mu ji alheri. Ka tafi masa da ruwa da ɗan abin taɓawa, zaman jiran nan ba daɗi.

Baban Walid: 'Yan uwa mun dawo. Na tsaya a waje kamar yadda Musa ya ce, sun fi minti arba'in a ciki. Na farko ya sake nuna layi siriri. Na biyu babu. Na uku babu. Sun rubuta masa nagetib sun buga hatimi. Ya fito ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula yana kuka, ni ma ban san lokacin da na fara ba. A hanya ya ci tsire na dubu biyu shi kaɗai. Allah Ya saka muku da alheri, Anti ban san da bakin da zan gode miki ba.

Alhaji Ɗanladi: Alhamdulillahi! Na janye maganata ta farko, Allah Ya yafe min. Amma ta biyun ina nan a kanta, dokar nan a sake dubanta, don ba kowa ke da yaya mai tambaya ba.

Musa Jalingo: Barka Yaya. Biyu sun rinjayi ɗaya, an bi tsari, magana ta mutu. A sha biki.

Anti Hadiza: Barka Baban Walid, na yi murna ƙwarai, kuma mafi rinjayen zato shi ke nan. Ka ga har a can na farkon ya sake nunawa, wato ba askin ne kaɗai ba, akwai abin da ke jininsa da ke taɓa irin wannan tsinken. Ya riƙe wannan a ransa, don wata rana in zai ba da jini zai iya sake gani. Amma ni da ƙanena ne, zan mai da shi bayan kwana 14. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan in na farko ya nace na biyu ya ƙi, don wanda bai daɗe da ɗauka ba ma haka nasa kan fito, mai saurin ji ya ji, sauran ba su kai ga ji ba. A sati biyu in ita ce, sauran za su biyo baya.

Musa Jalingo: Anti kin cika tsanani. Sun zauna da shi minti arba'in, sun ji abin da mu ba mu ji ba, suka sallame shi. In da sun ji abin tsoro a wata ukun nan da su da kansu sun ce ya dawo. Yanzu za ki sake hana yaro barci na sati biyu a kan abin da ke kanki kika ce da wuya.

Anti Hadiza: Da wuya, na yarda. Amma a ɗaya gefen akwai yarinya, kuma kuɗin mota kawai zai kashe. Kwana 14 daga yau saura kwana nawa ɗaurin aure, Baban Walid?

Baban Walid: Saura shida. Zan gaya masa, amma ba yau ba, bari ya yi barcin daren nan tukuna. Matsalar da ke gabana yanzu ma wata ce. Ashe ranar farko da ya rikice ya kira abokinsa ya gaya masa, abokin kuma ɗan ƙanwar babar yarinyar ne. Ɗazu kawunta ya kira ni ya ce yana son ganina bayan isha'i, in taho da takardun gwaji duka. Duka ya ce. Malam Sani, don Allah turo min lissafin filin Idin nan ta waya yadda zan iya karanta masa, da na karen Anti.

Malam Sani: Na tura. Ka fara masa da karen, in ya gyaɗa kai sannan ka kawo lambobi. In kuma ya ce a sake a gabansa a asibitin da ya zaɓa, kada ka yi musu, ka ce ranar da kwana 14 suka cika.